Madadin da Na Nema a Gidan Haya na Kaura

Takardar canjin wurin aiki ta same ni a Kaura Namoda ina cikin wata na goma a gidan da na kama haya na shekara biyu. Ni malamin dabbobi ne a lokacin, aikina allurar shanu da duba bisashe ranar kasuwa. Jiharmu ta Zamfara ba ta daɗe da samuwa ba, ma'aikata ba su ishe ta ba, don haka ake ta jujjuya mu daga wannan gari zuwa wancan. An ba ni mako huɗu in kai kaina Shinkafi.

Gidan na wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, a unguwar da ke bayan tasha. Baba muke ce masa. Zaure ɗaya ne, in ka wuce shi sai gidan ya rabu biyu: ɗakuna biyu na hannun dama namu ni da iyalina, sashen ciki nasa shi da matarsa, wadda muke kira Inna. Akwai wata 'yar ƙofa ta langa-langa tsakanin sassan biyu, wadda mata ke bi. Ni ban taɓa bin ta ba, ba ni kuma da dalilin bi. Inna sau biyu ko uku na taɓa ganinta a farkon zuwanmu, ta lulluɓe za ta unguwa, muka gaisa ina kallon ƙasa. Wajen wata na uku aka ce mini ba ta jin daɗin jikinta. Na ce Allah ya sawwaƙe, na aika da lemo da madara, kullum kuma in na gaida Baba sai in ce ya mai jiki, ya ce da sauƙi. Iyakar abin da na sani ke nan.

Da za mu shiga gidan, takarda muka yi. Baba ya gaji da 'yan hayar da ke kwashe kaya tsakiyar damina su bar masa ɗaki yana yoyo, fanshonsa kuma sai an ga dama ake biya. Sharuɗɗa uku ya kafa: wa'adi shekara biyu cif, kuɗin kowace shekara a farkonta, kuma ba zan sa kowa a ɗakin ba sai da yardarsa. Limamin unguwa da mai unguwa suka sa hannu a matsayin shaidu. Limamin ne ma ya kai ni gidan, shi ya tsaya mini, ya ce wa Baba ya san mahaifina a Zurmi kuma gidanmu ba a saɓa magana.

To ga inda matsalar take. Kuɗin shekara ta biyu ya kusa, albashina kuwa ba zai ɗauki haya a Kaura da haya a Shinkafi ba, ko da za mu koma shan ruwa da gari. In Baba bai sallame ni ba, ko in biya shekara guda ta ɗakin da ba na ciki, abin da ba zan iya ba, ko in tafi a matsayin wanda ya karya alkawari, in bar Liman da jin kunya. Abokan aikina sun ce in sami a-kori-kura da sassafe in loda kaya, wa zai bi ni har Shinkafi? Ban iya ba. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, kuma ina cikin waɗanda suka cika mota zuwa Gusau muna kabbara har muryata ta dushe. Mutumin da ya yi wannan ba ya sulalewa daga gidan tsoho kamar ɓarawon kaza.

Na sami Baba a zaure bayan la'asar, yana zaune a kan buzunsa da 'yar rediyonsa a gefe. Na durƙusa, muka gaisa, na miƙa masa takardar canjin. Ya riƙe ta nesa da ido ya karanta a hankali, leɓunansa na motsi.

Na ce, "Baba, ba da son raina ba na. Roƙo niz zo yi, ka sallame ni daga shekara ta biyu. Wata biyun da sunka rage na bar maka su. Kuma ba ni barin ɗakinka wohi, ni da kaina zan samo maka wanda za ya maye gurbina kahin in tahi."

Ya naɗe takardar yadda take, ya miƙo mini.

"Da iyalin za ka tahi?"

"Da ita, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To, Malam. Ka kawo in gani. In ya yi mani, na sallame ka. In bai yi ba, takarda na nan."

Na tashi da murna, don a ganina an gama. Gida mai rijiya, kusa da tasha, ga kwano sabo, wa zai ƙi? Washegari na je wurin wani dillalin gidaje a bakin kasuwa, na gaya masa ina son mutumin kirki mai albashi, wanda zai iya ajiye kuɗin shekara a dunƙule.

Na farko da ya kawo malamin makaranta ne, kamili, amma bai yi aure ba. Baba bai ma bari ya gama gyara zama ba ya ce ba ya ba tuzuru ɗaki a gidan da ke da mata. Wannan ban yi musu ba. A shekarun nan ko'ina a garin haka ake yi, laifina ne da ban tambaya ba.

Na biyu ɗan kasuwar hatsi ne daga Ɗan Isa, mai iyali, kuɗinsa a aljihu. Baba ya tambaye shi ko da iyalin zai tare. Ya ce a'a, suna ƙauye wurin gona, shi dai wurin kwana yake so da inda zai jibge 'yan buhuna. Baba ya yi masa addu'ar Allah ya ba da kasuwa, ya sallame shi. Na haɗiye wannan ma, na ce wataƙila tsoron ɓeraye yake.

Na ukun ne ya tayar mini da hankali, domin ni kaina da ni ke da gidan da na ba shi da hannu biyu. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mai aure, mai sallah, sa'ana, har kama muke yi. Baba ya karɓe shi da fara'a. Bai tambaye shi albashi ba, bai tambaye shi asali ba. Sai cewa ya yi, "Iyalin naka tana hita aiki?" Mutumin ya ce e, tana koyarwa a firamare, tana fita da safe ta dawo bayan azahar. Nan take na ga fara'ar Baba ta ragu. Ya ce zai yi shawara, da yamma kuma ya gaya mini bai yi masa ba.

Saura kwana goma sha ɗaya a lokacin. Ina da saurin fushi, ban taɓa ɓoye wannan ba, kuma ranar na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na tsaya a kansa a zaure, ban ko durƙusa ba, na ce in kuɗin shekara yake so ya ci a banza ya faɗa mini kai tsaye, ya daina wahalar da ni da bayin Allah. Na ce yanzu akwai kotun Shari'a, kuma alƙali ba zai yarda da zalunci ba. Baba ya dube ni, ya kashe rediyonsa, ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, Malam." Ya tashi ya shige ciki.

Daga nan gidan Liman na nufa, ina so ya ba ni gaskiya. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Sannan ya warware mini hukuncin dalla-dalla. Ya ce hayar da aka yanka wa wa'adi ta ɗaure mutum biyu ne: kamar yadda Baba ba shi da ikon fitar da ni kafin lokaci don ya sami wanda ya fi ni biya, haka ni ma ba ni da ikon ajiye ta don an canza mini wurin aiki. Ya ce da ba mu rubuta sharaɗi ba, da ina iya sa wani irina a ɗakin har wa'adi ya cika, amma ko a hakan hayar tana wuyana, in mutumin bai biya ba ni za a nema. To mun rubuta sai da yardar mai gida, na kuma sa hannu. Hanya ɗaya ta rage mai tsabta, mu biyun mu yarda mu warware yarjejeniyar, shi kuma ya ƙulla sabuwa da wanda ya gamsu da shi. Wannan kuwa ba a tilasta wa mutum ita, roƙonsa ake yi.

"In ka je kotu," in ji shi, "abin da alƙali za ya hwaɗa maka ke nan, sai dai shi a gaban jama'a."

Sai ya ce, "Ka ce duk wanda ka kai, maganar iyali shika yi mai?"

"E, Allah gafarta Malam."

"Kai kuwa ka yi maganar da naka iyalin?"

Ban yi ba. Na gaya mata za mu tashi, na ce ta fara haɗa kaya, shi ke nan. Haya a wurina maganar maza ce, a zaure ake ƙulla ta a zaure ake warware ta. Shekararmu huɗu da aure a lokacin, ita ma 'yar Zurmi ce, mace mai ƙarancin magana, kuma na saba ɗaukar shirunta a matsayin ba ta da abin cewa.

Na tarar da ita tana kwashe shanya. Sai a ranar na lura zannuwan da ke kan igiyarmu ba nata ba ne, na tsofaffi ne, har guda biyar, ga kuma wata ledar shimfiɗa. Na ce ta zauna, na gaya mata duk yadda muka yi da Baba da abin da Liman ya ce. Ta daɗe tana naɗe zane ɗaya tana warwarewa.

Ta ce, "Baba ya roƙe ni kada in hwaɗi. Amma tunda abin ya kai ga kotu, Allah ya gani."

Ciwon Inna ba zazzaɓi ba ne. Ɓarin jikinta ne ya shanye tun watanni bakwai da suka wuce, hannu da ƙafa, baki ya karkace. Ba ta tashi, ba ta juyawa, ba ta riƙe fitsari. Ɗansu namiji ya rasu tuntuni, 'yarsu ɗaya tana aure can kudu da ƙananan yara, ta zo ta yi mako biyu ta koma. Baba yana iya ba ta abinci, yana iya kwana kusa da ita, amma ba shi da ƙarfin ɗaga ta. Kullum in na tada babur na fita, matata sai ta bi ta ƙofar langa-langa. Ta ɗaga ta, ta yi mata wanka, ta sauya shimfiɗa, ta shafa mata mai a baya da ƙugu don kada fata ta ɗaye. Kafin azahar ta koma ta juya ta, bayan la'asar ta sake. Ta yi mata alwala. Ta dama kunu mai ruwa-ruwa ta ba ta da cokali, don in ya yi kauri shaƙe ta yake yi.

"Baba ba ya son a ɗauki lalurar matarshi a kai zaure, maza su ji," in ji ta. "Shekara arba'in da wani abu ba wanda yat taɓa jin sirrinta. Ya ce gara a ce mashi mugu."

Na tuna safar hannun da take yawan roƙona in kawo mata daga wurin aiki, ina ba ta ina tsokanarta wai ta zama 'yar gayu, ba ta son wanki ya ɓata mata hannu. Na tuna ƙamshin man zafi da nake ji a jikinta, ban taɓa tambaya ba. Ni da nake gane saniya mai ciwo daga nesa cikin garke, wata bakwai ana jinya a bayan katangata ban sani ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa haɗa ido da ita.

Na ce, "To mi ya sa da nic ce za mu tashi ba ki ce komi ba?"

"Aikinka na, Malam. In ce kada ka tahi?" Ta ajiye zanen. "Tun ranar nika neman wadda za ta karɓe ni. Na samu, amma mijinta ba irin wanda kaka nema ba na."

Wata mata ce 'yar garinmu, ta girmi matata, wadda ta yi jinyar mahaifiyarta shekara uku a kwance har Allah ya karɓi abarsa. Mijinta tela ne a bakin tasha, suna cunkushe da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya. Matata ta riga ta kai ta wurin Inna sau biyu, da izinin Baba, da sunan dubiya, ta ga yadda take kama jikin tsohuwar ba ƙyama ba gaggawa. Matsalar ita ce telan ba zai iya biyan shekara a dunƙule ba, sai dai wata-wata, kuma da ni dillali ya kawo wa shi da tun a bakin ƙofa na sallame shi.

Kafin in je wurin telan sai da na fara zuwa zaure. Na durƙusa a gaban Baba na ba shi haƙuri kan maganar da na faɗa masa. Ban ambaci Inna ba, shi ma bai ambata ba. Na ce kawai akwai wani tela da iyalina ta ce in kawo masa. Ya ɗago ya dube ni, ya gane na sani. Idonsa ya kawo ruwa, ya sunkuyar da kai yana gyara bakin buzu.

Bayan kwana biyu muka taru a zauren: Baba, Liman, mai unguwa, telan da ni. Mai unguwa ya ja hankalin Baba cewa mai biyan wata-wata ba kamar mai albashi ba ne, in kasuwa ta tsaya fa? Baba ya ce ya ji ya gani. Liman ya tambaye shi ko ya yarda ya warware hayar da ke tsakaninmu ba tare da tilas ba, ya ce ya yarda. Ya tambaye ni, na ce na yarda. Ya juya bayan tsohuwar takardar ya rubuta da ajami cewa an warware, babu sauran haƙƙin wani a kan wani, muka sa hannu. Aka rubuta wa telan tasa sabuwa, shekara ɗaya, biya a ƙarshen kowane wata. Wata biyun da na bari Baba ya ce a lissafa wa telan, ya shiga da su. Ba a rubuta komai game da jinya ba, ba wanda ya ko furta kalmar. Wannan matan sun gama shi tsakaninsu.

Da mutane suka watse, na tsaya yi masa godiya. Ya ce, "Malam, kada ka ji haushi. Kai ko ranar da kaz zo da maganar ina iya samun madadinka kahin magariba."

Na yi dariya, shi ma ya yi, amma ba mu daɗe muna yi ba.

Ni kaɗai na tafi Shinkafi a ranar da aka ɗiba mini. Matata ta roƙi in bar ta mako biyu, ta zauna ɗaki ɗaya, telan da iyalinsa suka shiga ɗayan, don ta nuna wa matar yadda Inna ta saba: ta wane gefe ake fara ɗaga ta, wane ƙara take yi in tana son ruwa, wane take yi in ƙugunta ya gaji. Na kama ɗaki kusa da karar shanu, na ci abincin kasuwa, na yi ta tunanin abubuwan da ban sani ba game da matar da nake aure.

Ranar da na dawo ɗaukarta, an gama loda kaya direba yana ta danna ham, sai Baba ya fito zaure ya ce, "Shigo, Malam. Tana son ta gan ka."

Karon farko ke nan da na bi ta ƙofar langa-langar. Sai da na sunkuya, don gajera ce. Ɗakin a share yake, yana ƙamshin turaren wuta. Inna na kwance a kan katifa a ƙasa, an jingina ta da matashi, ta rame ta koma kamar yarinya. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta. Ta yi magana mai tsawo, ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Matata ce ta fassara mini, ta ce tana cewa Allah ya yi mini albarka da na bar ta tana zuwa. Ban iya gaya mata cewa ban ma san tana zuwa ba. Na ce amin.

Matata ta durƙusa ta yi mata sallama, ta miƙe za ta fita, sai ta tsaya cak. Inna ta kama bakin zanenta da hannun nan mai lafiya, ta damƙe. Ta ƙi saki. Baba ya juya fuskarsa bango. Muka tsaya a haka, ham ɗin mota na shigowa daga waje, har matar telan ta matso ta zauna a bakin katifar. Ta ɗora hannunta a kan na tsohuwar, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sa nata bakin zanen a ciki.

A mota takardar da aka warware tana aljihun gabana, na fita da mutuncina kamar yadda na so, amma ban ji daɗin da na yi zaton zan ji ba. Muka bar Kaura da nisa, gonakin gero na wucewa ta taga. Can sai matata ta juyo, fuskarta jiƙe da hawaye, ta ce, "Malam, ban tuna ko na hwaɗa ma matar telan ba. Ƙahwar da ta shanye ba ta jin zahi. Sai an taɓa ruwan wankan da hannu kahin a zuba."